Biya ta banki: abin da kike amincewa da shi idan shago ya tura ki manhajarki

Tambaya daga wata mai karatu a Manchester: "Assalamu alaikum Malam. Zan sayi injin wanki na fam 430 a wani shagon intanet. Wurin biya na ga 'Pay by bank', da na taɓa sai wayar ta buɗe manhajar bankina. Tsoro ya kama ni na fasa. Wannan ba damfara ba ce? Kuma da shi da kati wanne ya fi?"

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Buɗewar manhajar nan da ta ba ki tsoro ita ce alamar cewa abin yana tafiya yadda aka tsara shi. Da a ce shafin shagon ne ya buɗe miki akwati ya ce ki rubuta lambar sirrin bankinki a ciki, to a nan ne ya kamata ki gudu.

Tun 13 ga Janairu 2018 doka a Birtaniya ta tilasta wa bankuna su buɗe ƙofa ga wasu kamfanoni masu lasisi, su iya gabatar da buƙatar biya a madadin mai asusu, bisa sharaɗin shi mai asusun ya amince da kansa. Hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi ce ke ba su lasisi, kuma sunayen da za ki fi cin karo da su a ƙasan shafin biya su ne irin su TrueLayer, Trustly, Yapily da GoCardless. Hatta hukumar haraji ta HMRC tun 2021 take karɓar kuɗi ta wannan hanya.

Ga yadda fam 430 ɗinki za su bi. Kina zaɓar bankinki daga jerin da aka nuna miki, ɗaya daga cikin kamfanonin nan, wanda ke tsakanin shagon da bankinki, zai aika wa bankin bayani uku: nawa ne kuɗin, wane asusu za su shiga, da lambar odar da shagon zai gane cinikin da ita. Bankin ya ajiye wannan a matsayin buƙata mai jiran izini, bai taɓa ko kwabo ba tukuna. Sai a miƙa wa wayarki wata mahaɗa wadda aka riga aka yi wa rajista da manhajar bankin, shi ya sa wayar ta san inda za ta kai ki ba tare da kin nemo ba. Idan a kwamfuta kike sayayyar, yawanci lambar QR za ta fito, ki haska ta da kyamarar waya, manhajar ta buɗe.

Daga nan ke da bankinki ne kawai. Za ki shiga yadda kika saba, da yatsa ko fuska ko lambar sirri, kuma shagon da kamfanin tsakani ba sa ganin ko ɗaya daga ciki. Shafin da zai fito an riga an cike shi: sunan mai karɓa, fam 430, lambar oda. Ba za ki iya canza adadin ba, su ma ba za su iya canza shi bayan kin amince ba, domin izinin a ɗaure yake da wannan adadi da wannan asusu. Abin da ya rage miki shi ne ki zaɓi asusun da za a cire, ki danna amincewa. Sai bankin ya ba kamfanin tsakani wata shaida mai aiki sau ɗaya, ya mayar da ke shafin shagon, kuɗin kuma su bi Faster Payments, hanyar da taransifar cikin Birtaniya ke bi tun 2008. Galibi cikin daƙiƙoƙi sun isa.

Idan kin saba sayayya a gida Najeriya, kin san tsarin da shafi ke ba ki lambar asusu ta wucin gadi, ki kwafa, ki shiga manhajarki ki rubuta adadin da hannunki. Wannan ɗan'uwansa ne, sai dai an ɗauke miki kwafa da rubutu, kuma da su aka ɗauke kuskuren lamba ɗaya da ke kai kuɗi ga baƙo.

Ta fuskar sata, hanyar tana da kyau ƙwarai. Babu lambar kati da za a bari a rumbun shagon har wani ya kutsa ya kwashe. Izinin da kika bayar na biya ɗaya ne, ba za a sake cirar wani abu da shi gobe ba. Sai dai ki karanta shafin amincewar da kyau, saboda akwai wani nau'in izini na cira a kai a kai. Shi za ki ga an rubuta iyakar abin da za a iya cira a wata da ranar ƙarewarsa. Idan kin ga haka alhali injin wanki ɗaya kika zo saya, ki fasa.

Amma a kan wannan sayayya taki, shawarata ki biya da kati. Dalilin ba ya cikin fasahar, yana cikin abin da doka ta ɗauki biyan. Abin da kika danna wa amincewa taransifa ce, kuma taransifar da mai asusu ya amince da ita ba a janye ta. A ce kin biya, an yi miki alkawarin kawo injin bayan mako uku, a mako na biyu shagon ya karye. Da katin bashi kika biya, Sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974 ya ɗora wa bankin da ya ba ki katin alhaki daidai da na shagon, a kan duk kayan da farashinsa ya haura fam 100 bai wuce fam 30,000 ba. Da katin cirar kuɗi na yau da kullum ne, kina iya neman bankin ya janyo kuɗin bisa ƙa'idar Visa ko Mastercard, yawanci cikin kwana 120. Da taransifa kuwa babu ɗaya daga cikin biyun. Za ki shiga layin masu bin shagon bashi, kuma a ƙarshen layin.

Haƙƙinki a kan shagon kansa bai ragu ba, kar ki fahimce ni ba daidai ba. Har yanzu kina da kwana 14 bayan kayan sun iso na ki fasa cinikin intanet, kuma idan injin ya zo da lahani dole su gyara, su musanya ko su mayar da kuɗi. Bambancin shi ne, su za su turo miki kuɗin da kansu ta sabuwar taransifa. In sun ƙi, babu banki a tsakani da zai ƙwato miki.

Za ki ji ana cewa ai yanzu banki na biyan wanda aka damfara. Gaskiya ne: daga 7 ga Oktoba 2024, wanda aka yaudara ya tura kuɗi ta Faster Payments yana iya samun su har fam 85,000, idan ya kai ƙara cikin wata 13, kuma bankin na iya riƙe har fam 100 daga ciki. Amma wannan na wanda ya faɗa hannun ɗan damfara ne, mai sayarwar da tun farko bai da injin wankin. Shago na gaske da ya kawo miki kaya maras kyau, ko ya karye, rigimar ciniki ce, ba ta shiga wannan tsari.

Shagunan suna son hanyar ne don tana rage musu kuɗin da ake yanka a cinikin kati, kuɗinsu na shiga nan take, kuma ba a janye su daga baya. Ba laifi ba ne, amma ki lura cewa wannan na ƙarshen daga aljihunki aka ciro shi. Ni inda nake ganin ta fi dacewa shi ne inda ba kaya kike jira ba: haraji, biyan bashin kati, zuba kuɗi a wani asusunki na ajiya, ko lissafin wanda ya riga ya gama miki aiki. Kayan da za a kawo nan gaba, musamman daga shagon da ba ki sani ba, kati ya fi, ko da sun yi miki ragin fam biyar don ki bi ta banki.

Tambaya daga wani ɗalibi a Coventry: "Malam, na amince da biyan fam 95 a manhajata, amma ba ta mayar da ni shagon ba. Da na koma da kaina, shafin yana nuna 'Pending'. In sake biya ne?"

A'a ɗan'uwa, dakata tukuna. Hanyar da kuɗi ke bi daban, hanyar da wayarka ke bi ta koma shagon daban, kuma ta biyun ce ta fi yawan yankewa. Yakan faru idan a cikin Instagram ko Facebook ka buɗe shafin shagon, domin ƙaramin burauzan da ke cikinsu ba ya riƙe cinikin idan ka fita. Manhajar banki sai ta mayar da kai wani burauza wanda bai san kwandonka ba. Yakan faru kuma idan ka rufe manhajar da zarar ka ga alamar amincewa.

Shiga manhajar bankin ka duba jerin kuɗin da suka fita. Idan fam 95 na nan da lambar odar, ka biya, kuma kamfanin tsakani yana sanar da shagon ta wata hanya dabam wadda ba ta dogara da wayarka ba. Duba imel ɗinka bayan ɗan lokaci. In rasit bai zo ba, ka ɗauki hoton bayanin taransifar, da adadi da lokaci da lambar, ka aika wa shagon. Kada ka firgita idan sunan mai karɓa ba na shagon ba ne. Sau da yawa kuɗin na fara sauka a asusun kamfanin tsakani kafin a miƙa. Abin dubawa shi ne ko wannan suna ya yi daidai da wanda aka rubuta a shafin biya, kuma kana iya nemansa a rajistar FCA.

Idan babu komai a jerin, to akwai yiwuwar biyan bai tafi ba. Ko kuɗin asusun ba su kai ba, ko ka cika iyakar taransifar da bankinka ya sa maka a rana, ko ka daɗe a shafin amincewa har wa'adin buƙatar ya ƙare. Akwai kuma na huɗu, wanda shi ne ke sa mutane biya sau biyu: bankin ya riƙe kuɗin yana binciken damfara. A nan za ka ga saƙo a manhajar ko kira daga bankin, kuma kuɗin na iya tafiya daga baya idan an sake su. Saboda haka kafin ka fara sabon biya, duba saƙonnin manhajar da sashen biyan da ke jira. In kira ya shigo ana cewa daga banki ne, kashe ka kira lambar da ke bayan katinka.

Idan ka riga ka biya sau biyu, bankinka ba zai soke ɗaya ba, tunda duka biyun kai ka amince da su. Shagon za ka rubuta wa, ka haɗa hoton taransifa biyun da lambobinsu, ka nemi su mayar da ɗaya zuwa asusun da ya fito.