Kada rubutun kalmomi ya cinye makin hujja

Tambaya: "Ina koyar da insha'i a wata sakandare a Kaduna. Yaron da hujjarsa ta fi ƙarfi yakan faɗi saboda kuskuren rubuta kalmomi. Yaya zan raba makin?"

Malam, idan insha'in na maki 50 ne, ba hujja 20, tsara tunani 10, salon magana 15, rubutun kalmomi da alamomin rubutu 5 kacal. Amma rabon kaɗai bai isa ba, sai ka sa iyaka. Idan rabin maki kake cirewa a kowane kuskure, ka tsaya da zarar biyar ɗin nan sun ƙare. Yaro mai kuskure 24 da zai rasa 12, yanzu 5 zai rasa. Kalmar da ya ɓata sau shida kuwa, kuskure ɗaya ce.

Inda ake yawan zamewa shi ne jan biro. Takarda ta yi jajawur, sai hannu ya rage makin hujja ba da saninka ba. Don haka fara karantawa ka ba hujja makinta kafin ka ja layi ko ɗaya. In kana son gwaji, ka sa a sake kwafe takardu biyar ba kuskure, wani malami ya duba hujjarsu. Idan makin ya haura, an hukunta yaran sau biyu ke nan.