Taƙaitaccen bayanin ƙwarewa: na takardar neman aiki da na shafin LinkedIn

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni akanta ce, shekarata 8 ina aiki: 5 a kamfanin rarraba kaya, 3 a wata ƙungiyar agaji inda nake har yanzu. Ina da taƙaitaccen bayani guda ɗaya da na sa a saman takardar tarihin aikina, shi ne kuma na kwafa na sa a shafina na LinkedIn. Ga shi: "Ƙwararriyar akanta mai himma da riƙon amana, mai iya aiki da jama'a, tana neman wurin da za ta bunƙasa iliminta." Yanzu zan nemi aikin jami'ar kuɗi a wata ƙungiya. Shin bayani ɗaya ya wadatar a wuraren biyu, ko sai na bambanta su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Sai kin bambanta su, domin masu karanta su ba ɗaya ba ne, kuma halin da suke ciki lokacin karatun ma ba ɗaya ba ne. Wanda ya buɗe takardar neman aikinki, wato takardar tarihin aikin da kika ambata, yana da sanarwar gurbi a gabansa, da tarin takardun wasu masu nema, tambaya ɗaya ce kuma a ransa, wato ko wannan matar za ta iya aikin da muka tallata. Wanda ya shigo shafinki kuwa ba ki san ko wane ne ba. Yana iya zama mai farautar ma'aikata, ko tsohuwar abokiyar karatu, ko wani da kuka haɗu a taro yana son ya tuna ko ke wace ce, yana kuma iya zama shugabanki na yanzu.

Kafin a zo ga bambancin, dole in faɗa miki cewa bayanin da kika aiko ba zai yi miki aiki a ko ɗaya daga cikin wuraren ba. Babu mai neman aikin da zai ce shi malalaci ne ko maci amana, saboda haka himma da riƙon amana ba su raba ki da kowa ba. Shekarunki 8 ba su fito ba, irin lissafin da kika ƙware a kai bai fito ba, ƙarshen jimlar kuma yana magana ne a kan abin da kike so a ba ki, alhali mai ɗaukar aiki yana neman abin da za ki kawo masa. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce ki cire kalmar "akanta" ki sa "malamar makaranta" ko "ma'aikaciyar jinya". Idan jimlar ta zauna daram ba tare da an taɓa komai ba, to ba ta faɗi komai game da ke ba.

Abin da za ki fara yi shi ne ki ajiye takarda guda ta sirri, wadda ba za ki aika wa kowa ba, ki tara gaskiyar aikinki a cikinta: sunan kowane muƙami kamar yadda yake a takardar ɗaukarki, watan farawa da na bari, manhajojin da kika yi aiki da su, da abubuwan da suka canza saboda ke. Daga wannan uwar takarda za ki riƙa ɗiban bayanan biyu. Tun da ban san alƙalumanki ba, bari mu ɗauka cewa a ƙungiyar kina haɗa rahoton kuɗi ga masu ba da tallafi guda huɗu, kin rage rufe lissafin wata daga kwana 12 zuwa kwana 7, kina aiki da QuickBooks da Excel, a kamfanin kuma kina bin basussukan dillalai. Ke ce za ki musanya waɗannan da naki na ainihi. Misalan da Hausa zan rubuta su, amma da kowane harshe kika rubuta takardar, tsarin bai canzawa.

Na takardar neman aiki gajere ne, layi uku ko huɗu, kalmomi 40 zuwa 60, kuma a nan sanarwar gurbin ce take jan ragama. Ki karanta ta da biro a hannu, ki ja layi ƙarƙashin buƙatun da aka sa a farko da waɗanda aka maimaita. A ce sanarwar ta nemi rahoto ga masu ba da tallafi, da sa ido kan kasafin kuɗi, da daidaita lissafin banki, da sanin QuickBooks. To bayaninki zai iya zama haka:

"Akanta mai shekara 8 a aiki, 3 daga ciki a ƙungiyar agaji. Haɗa rahoton kuɗi ga masu ba da tallafi huɗu a kan lokaci, sa ido kan kasafin kuɗin ayyuka, da daidaita lissafin banki kowane wata ta QuickBooks. An rage rufe lissafin wata daga kwana 12 zuwa 7."

Ki lura cewa shekaru biyar na kamfani, waɗanda su ne mafi tsawo a rayuwar aikinki, sun shige cikin jimlar shekaru 8 ba tare da an ambace su ba. Wannan ba ɓoye gaskiya ba ne, domin suna nan a ƙasa cikin jerin wuraren da kika yi aiki. An dai ba da layukan farko ne ga abin da wannan mai karatun ya zo nema. Da a ce gobe wani kamfani ya tallata gurbin mai kula da basussuka, sai ki juya: bin bashin dillalai ya hau sama, rahoton tallafi ya koma ƙasa. Shi ya sa wannan bayanin ba a rubuta shi sau ɗaya a huta, kowane gurbi da nasa. Al'adar irin wannan takarda kuma ita ce a bar "ni" da "ina", a tafi kai tsaye ga aikin.

Akwai dalilin da ya sa na ce ki ɗauki kalmomin sanarwar yadda suke. Manyan wurare da yawa suna karɓar takardu ta manhajojin tantancewa irin su Workday da Greenhouse, inda jami'in ɗaukar aiki zai iya rubuta kalma ya ga takardun da suka ƙunshe ta. Idan sanarwar ta kira aiki da wani suna ke kuma kika kira shi da wani, bincikensa na iya tsallake ki ko da kin fi kowa iyawa. Amma iyakar wannan dabara ita ce gaskiya: kada ki sa sunan manhajar da ba ki taɓa buɗewa ba, domin tambaya biyu a ranar intabiyu ta isa ta tona asiri. Kuma ki rubuta bayanin a cikin jikin takardar, domin wasu manhajojin ba sa karanta abin da aka saka a akwatin rubutu ko a can saman shafi yadda ya kamata.

Shafin LinkedIn kuwa guda ɗaya ne ga kowa, ba za ki iya canza shi don kowane baƙo ba, saboda haka dole ya ɗauki ɓangarorin aikinki biyu. Sashen About, inda ake rubuta wannan bayanin a shafin, yana karɓar har haruffa 2,600, amma layukan farko kaɗan ne ke bayyana kafin mutum ya danna ya ga sauran, musamman a waya. Abin da ke cikin waɗannan layukan shi ne yawancin mutane za su gani, don haka kada a ɓata su da gaisuwa ko tarihin makaranta. A nan za ki yi magana da bakinki, kamar yadda za ki gabatar da kanki ga baƙon da ya tambaye ki sana'arki:

"Ni akanta ce, aikina shi ne in tabbatar kowane kuɗin da ya shigo ko ya fita yana da bayanin da za a iya karewa a gaban mai bincike. Na yi shekara biyar a kamfanin rarraba kaya ina bin basussukan dillalai, a can na koyi cewa lissafi ba ya gyaruwa sai an yi magana da mutanen da ke bayansa. Shekara uku ke nan ina ƙungiyar agaji, ina haɗa rahoton kuɗi ga masu ba da tallafi da sa ido kan kasafin ayyuka. Ina amfani da QuickBooks da Excel. Ina maraba da tattaunawa da abokan sana'a kan hanyoyin gaggauta rufe lissafin wata."

Ba sai kin cika haruffa 2,600 ba. Sakin layi biyu ko uku gajeru sun isa. Wurin da ya fi About tasiri ma shi ne Headline, layin da ke ƙarƙashin sunanki, wanda ke karɓar haruffa 220 kuma yana bin ki duk inda sunanki ya fito, a sakamakon bincike ko a ƙarƙashin sharhi. Idan ba ki rubuta shi da kanki ba, muƙaminki na yanzu ne zai zauna a wurin. Gara ki sa sana'ar da fannonin biyu a fili, kamar "Akanta, rahoton kuɗin tallafi da kula da basussuka".

Kin ga a misali na biyu ban sa adadin masu ba da tallafi ba, ban kuma ce kina neman aiki ba, da gangan na yi hakan. Takardar neman aiki mutane ƙalilan ne ke ganin ta, shafi kuwa a buɗe yake ga duniya. Ke da kike riƙe da lissafin wasu, girman kasafinsu da sunayen masu tallafa musu da yawan bashin da ake bin dillalai ba naki ba ne da za ki baza, kuma mai ɗaukar akanta da ya ga kin baza na wasu zai yi tunanin nasa. Ko a takardar ma, idan yarjejeniyar aikinki ta hana bayyana adadi, ki faɗi canjin da kika kawo ki bar ainihin kuɗin. Jimlar nan taki ta "tana neman wurin da za ta bunƙasa" kuwa, a shafin da shugabanki zai iya gani, sanarwa ce cewa ƙafarki ɗaya tana waje. Idan kina son masu farautar ma'aikata su sani, akwai zaɓin Open to work da ake iya taƙaita shi gare su kaɗai, ko da yake LinkedIn da kansa bai ba da tabbacin cikakken sirri a kai ba.

Inda mutane suka fi tuntuɓe bayan sun bambanta bayanan shi ne su bar su su saɓa wa juna. Mai ɗaukar aiki da takardarki ta burge shi sau da yawa zai nemi sunanki ya duba shafin. Idan takarda ta ce shekara 8 shafi ya ce 10, ko a nan ke "jami'ar kuɗi" ce a can kuma "manajar kuɗi" a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, ba zai tsaya tambayar wanne ne daidai ba. Murya da tsawo da abin da aka gabatar a farko suna iya bambanta, amma shekaru da sunayen muƙamai da takardun shaida dole su zama iri ɗaya. Kafin ki aika takardar wannan gurbin, ki buɗe shafin a wayarki, ki ajiye takardar a gefe, ki bi su kwanan wata bayan kwanan wata, sannan ki cire jimlar neman wurin nan tun yau.