Jinin dasashi bayan saran maciji: ku tafi asibiti yau

"Assalamu alaikum jama'a. Maciji ya sari maigidana jiya da yamma a gona wajen Dakace. An ɗaure ƙafar, an yi tsaga, an sa baƙin dutse, ya sha magani. Yau ya ce ciwon ya ragu, sai dai da ya tofar da yawu na ga jini. Yayyensa sun ce dafin ne ke fita. Mu kai shi asibiti ko mu ƙara jira?"

Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, don Allah ki ajiye wayar nan ki nemo mota, kya ƙarasa karantawa a hanya. Jinin da kika gani a yawunsa ba dafi ba ne ke fita. Alama ce ta jininsa ya daina daskarewa, kuma wannan aikin kububuwa ne, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa. Wallahi da na karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi, don maganar da aka faɗa muku ita aka faɗa mana, kalma ba ta canza ba.

Ƙanena ne, shekara uku ke nan, lokacin girbin masara. Ranar Talata bayan la'asar ya taka ta cikin kara, silifa ne a ƙafarsa. Kafin in iso daga Sabon Gari an riga an ɗaure masa ƙwauri da robar tayar keke, an ɗauko mai magani daga wani ƙauye. Mutumin ya yi tsaga bakwai da reza, ya manna dutse, ya ba shi wani jiƙo ya yi ta amai. Ya karɓi kuɗinsa da zakara, sannan ya kafa mana sharaɗi: kada a kuskura a kai shi asibiti, wai in allura ta taɓa wanda maciji ya sara shi ke nan. Kawunmu ya ɗaure masa gindi. Ni da na ce a tafi, sai aka ce ɗan boko ya zo da rainin wayo. Na yi shiru, kuma shirun nan har gobe yana ci mini rai.

Laraba yaron ya tashi garau, har ya sha koko ya yi raha. Nan kububuwa take yaudarar mutane. Dafinta ba ya kayar da mutum nan take, cinye abin da ke sa jini ya yi guda yake yi a hankali. Daren Laraba tsagar nan bakwai suka fara tsattsafo da jini, a ɗaure da tsumma ya jiƙe, a canza ya jiƙe. Alhamis dasashinsa ya soma, fitsarinsa ya koma kamar zoɓo. Muka aika wa mai maganin, ya ce baƙin jinin ne ke fita, a ƙara masa jiƙo. Ko zuwa bai yi ba. Cikin dare ina riƙe da kansa ya yi aman jini a kan rigata, ya dube ni ya ce, "Yaya, sanyi nake ji." Innarmu tana bakin ƙofa tana salati. Kawun da ya hana mu tafiya yana ɗakinsa yana barci. Ban sake neman izinin kowa ba, da asubar Juma'a na saɓe shi na sa a mota.

A asibiti abin da suka fara yi ya ba ni mamaki don sauƙinsa. Suka ɗebi jini kamar mil 2, suka zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, suka ajiye ba mai taɓawa har minti 20. Da aka karkata kwalbar, jinin ya gangaro kamar ruwa. Na mai lafiya da tuni ya daskare. Ki roƙa a yi wa maigidanki wannan gwajin da zarar kun isa. Sai aka sa masa makarin dafin ta jijiya a hankali, nas tana tsaye a kansa da allurar adirenalin, saboda wasu jikinsu kan yi borin maganin, su yi ƙaiƙayi ko numfashi ya sarƙe. Shi ya sa ba a saya a yi a gida ko a kyamis. Cikin awa guda jinin dasashi ya tsaya. Bayan awa 6 aka maimaita gwajin, bai daskare ba, aka ƙara masa wani. Sai a gwaji na gaba ya kama.

Likitan ya yi mini bayanin da ba zan manta ba. Makarin yana kama dafin da ke yawo a jiki ne, ba ya gyara ɓarnar da aka riga aka yi. Jinin da ya zuba sai da aka ƙara masa leda uku. Ƙodarsa ta sha wuya, kwanaki ana auna fitsarinsa. Kuma da jinin ya ɓalle a cikin kansa, da wani labarin ake yi. Fatar wurin da aka ɗaure da wurin tsagar ta ruɓe, har yanzu yana ɗingishi. Amma kada wani ya ce muku an makara don an kwana. Muddin jini bai daskarewa, makarin yana aiki, mu a kwana na uku aka yi mana. Maƙwabcinmu da aka kai cikin awa biyu bara, kwana uku ya yi aka sallame shi yana tafiya da ƙafarsa.

Za su ce miki mai maganin ya warkar da mutane da yawa. Ba kowane maciji ke da mugun dafi ba, mai dafin ma wani sa'in yakan sara bai zuba ba. Ita kanta kububuwar, cikin mutum goma da ta sara ba a yi musu makari ba, ɗaya ko biyu ne ke mutuwa. Sauran takwas ko taran su ne ke yi masa talla. Dutsen kuwa mannewa kawai yake yi don yana tsotsar danshi, dafin ya daɗe da shiga jiki.

A hanya: kada ya taka ƙafar, a ɗauke shi. Ku sa katako ko sanda a gefen ƙafar ku naɗe sako-sako don kada ta riƙa motsi. In har yanzu ɗaurin nan yana nan da ƙarfi, kada ku kwance da kanku bayan ya kwana, ku nuna wa ma'aikata da isarku su kwance. Kada a ba shi aspirin, ibuprofen ko diclofenac, suna ƙara zubar jini, farasitamol kaɗai. Kada mai kyamis ya yi masa allura a ɗuwawu, wurin zai tara jini. In yana amai ku kwantar da shi ta gefe. Ba sai an nemo macijin ba, gwajin jinin zai faɗa.

Ku nufi babban asibiti, irin na koyarwa da ke Shika, kuma wani ya riƙa bugun waya tun a hanya yana tambayar inda ake da makarin, don ba kullum ake samunsa a ko'ina ba. Ki riƙe sunayen nan biyu, EchiTAb-G da EchiTAb-Plus, don macizanmu aka yi su, an yi aiki da su a asibitin saran maciji na Kaltungo. Akwai waɗanda aka haɗa don macizan Indiya, ba sa kama dafin kububuwarmu yadda ya kamata, ki bar likita ya duba kwalbar kafin ku biya. Abin takaici ma, a nan Zariya Farfesa David Warrell ya yi binciken saran kububuwa tun shekarun 1970, amma mu muna nan muna ba da zakara.

Maganar yayyensa, in sun ƙi, ki kira mahaifinki ko limamin unguwa ya yi musu magana, mota tana waje tana jira. Ni kawuna har yau cewa yake jiƙon ne ya yi aiki a makare, gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Allah ya ba shi lafiya. In kun isa ki sanar da mu abin da gwajin ya nuna.