Me ya sa agogon Indiya ya bambanta da namu da awa huɗu da rabi?

Tambaya: Mahaifinmu yana jinya a Delhi. Likitansa ya ce zai kira mu ta bidiyo da ƙarfe 10:00 na safe agogonsu. Na cire awa huɗu na zauna jira ƙarfe 6:00, ashe ya kira tun ina masallaci sallar Asuba. Ina lissafin ya karkace? Daga wani mai karatu a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ya dawo da shi gida da ƙafafunsa. Malam, tazarar da ke tsakaninmu da Indiya awa huɗu ne da minti 30, don haka ƙarfe 10:00 na Delhi ita ce 5:30 na asuba a Katsina. Mun saba da Saudiyya da ta riga mu da awa biyu cif, da Dubai mai awa uku, sai hankali ya ɗauka ko'ina haka yake, a canza awa a bar minti yadda yake. Da Indiya wannan dabara ba ta aiki.

Kowace ƙasa ana auna agogonta ne daga agogon duniya, UTC. Najeriya tana UTC+1, Indiya kuma UTC+5:30. Asalin rabin awan daga juyin ƙasa ya fito. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, Indiya kuwa ta ɗora agogonta a kan layin digiri 82.5 na gabas, wanda ya ratsa kusa da garin Mirzapur. Raba 82.5 da 15, za ka samu biyar da rabi. Ƙasar tana da faɗi ƙwarai daga gabas zuwa yamma, amma agogo ɗaya take amfani da shi, shi ya sa aka zaɓi layin da ke kusan tsakiya. A ganina zaɓi ne mai ma'ana, ko da yake mu da ke waje mu ke shan wahalar lissafin.

Hanyar da ba ta yaudara ita ce ka bi ta UTC, mataki biyu. Daga 10:00 ka cire 5:30, ka samu 4:30, wannan shi ne UTC. Sai ka ƙara awa ɗaya tamu, ya zama 5:30. Ga kuma alamar gane kure nan take: in lokacin Indiya ya ƙare da :00, namu dole ya ƙare da :30, in nasu :15 ne namu :45. Duk sadda ka gama lissafi ka ga mintin bai motsa ba, to ka sake.

Ka kuma lura da rana, don nan ne aka fi yin asara. A ce an rubuto muku cewa jirgin Baba zai tashi daga Delhi ranar Litinin ƙarfe 3:00 na dare. Lokacin da ke kan tikiti agogon filin jirgin da za a tashi ne. Cire awa huɗu da rabi, sai ka faɗo 10:30 na daren Lahadi a Katsina. Wanda ya jira Litinin ya kira don yin sallama, zai tarar jirgi ya daɗe a sama.

Nepal ta fi wannan rikitarwa, domin tun 1986 tana UTC+5:45, wato ta riga Indiya da minti 15, ta riga mu da awa huɗu da minti 45. Ƙarfe 10:00 na Kathmandu ita ce 5:15 a nan. Iran tana UTC+3:30, Afganistan kuma UTC+4:30.

Masu lissafi a Excel ko kalkuleta suna da nasu tarkon. Mutum zai ga 5:30 ya buga 5.3, alhali rabin awa 0.5 ne. Awa 5.3 awa biyar ne da minti 18, ka ga an yi ɓatan minti 12. Haka 5:45 ita ce 5.75, wanda ya buga 5.45 ya rage minti 18. Irin wannan kuren ƙarami ne, shi ya sa yake daɗewa ba a gano shi ba. Gara a mayar da komai minti: Indiya 330, Najeriya 60, bambanci 270.

Abin da zan so ka yi yau shi ne ka buɗe agogon wayarka, ka ƙara New Delhi kusa da Lagos, su biyun suna gabanka kullum. In za ka sa ganawar a kalandar waya, zaɓi yankin lokacin Indiya, wanda wasu manhajoji ke rubutawa `Asia/Kolkata`, ka shigar da 10:00 yadda likita ya faɗa, wayar ta juya da kanta. Da yake Najeriya da Indiya duk ba sa canza agogo da bazara ko hunturu, minti 270 ɗin nan haka zai kasance duk shekara. Ka roƙi asibitin su sake ba ku lokaci, in da hali daga ƙarfe 1:00 na rana agogonsu, wato 8:30 na safe a Katsina.