Konsol gajere a jikin poto: dalilin da rodi uku ba za su isa ba

Tambaya: «Assalamu alaikum injiniyoyi. Muna gina mangaza a nan Maraɗi, kuma putur da aka zuba a ƙasa za ta zauna kan konsol a jikin poto. Nauyin lissafi 400 kN ne, yana nesa da fuskar poto da milimita 200, tsayin konsol 500, faɗinsa 400, beto 25 MPa. Na lissafa shi kamar putur mai ƙafa ɗaya, na samu 3HA14, amma mai duba aikin ya ƙi sa hannu, ya ce in bi hanyar biyel da tiran. Ina matsalar take?»

Wa alaikumus salam, Injiniya. Mai duba aikin yana da gaskiya, kuma gara ka dakatar da masu ɗaurin ƙarfe har a gyara zanen. Lissafin putur da muka saba ya ginu ne kan zaton cewa kowane yanki na putur yana nan a miƙe bayan ta lanƙwasa, kuma wannan zato ba ya tsayawa a wurin da nauyi ya sauka kusa da madogara, ƙasa da tsayin abin da ke ɗauke da shi. A konsol ɗinka nauyin yana gangarowa ne a karkace ta cikin beto, daga inda putur ta zauna zuwa gindin konsol a cikin poto, kamar itacen da aka tokare katanga da shi. Wannan shi ne biyel. Kansa na sama yana neman zamewa waje, kuma rodin da ke kwance a sama, wato tiran, shi ne ke janyo shi. Schlaich da abokan aikinsa na Stuttgart ne suka tsara hanyar a 1987, kuma tana sashe na 6.5 na Eurocode 2 bugun 2004, konsol kuma a J.3.

Ana farawa daga mahaɗar ƙasa, wato inda biyel ya sauka cikin poto, inda babu komai sai matsi. Da beto 25 MPa, fcd = 25/1,5 = 16,7 MPa, a ninka da 1 − 25/250 = 0,9, iyakar matsin ta zama 15 MPa. Nauyin 400 kN a faɗin 400 yana buƙatar wurin sauka na milimita 67 a cikin poto, don haka tsakiyar mahaɗar tana ciki da milimita 33, kuma tazarar gaskiya ita ce 233, alhali kai ka ɗauki 200. Idan d, wato daga tiran zuwa ƙasan konsol, ya zama 450, ni nakan fara da tazarar tsaye tsakanin tiran da mahaɗar ƙasa z = 0,8d = 360. To kusurwar biyel tana da tanθ = 360/233 = 1,54, kimanin digiri 57, wanda ke tsakanin 1,0 da 2,5 da ƙa'idar ta yarda da su. Jan da nauyin ke haifarwa a tiran shi ne 400 × 233/360 = 259 kN.

Abin da ya fi damuna a lissafinka shi ne rashin ƙarfin kwance. Putur ɗin za ta tsuke yayin da betonta ke bushewa, sannan tana miƙewa da rana tana komawa da dare, kuma ka san abin da zafin Afrilu da Mayu ke yi a ƙarƙashin rufin kwano a garin nan. Duk wannan motsi gogayya ce ke miƙa shi ga konsol, tana jan sa waje. ACI 318 ta daɗe tana cewa kada a ɗauki ƙasa da 0,2 na nauyin tsaye, kuma ni ba na sauka ƙasa da haka ko da an sa matashin roba. A nan 80 kN ke nan, kuma tun da yana aiki sama da tiran da kimanin milimita 60, yana ƙara wasu 13. Jimla 352 kN. Da ƙarfe FeE500, fyd = 435 MPa, ana buƙatar 810 mm². Naka 3HA14 suna ba da 462 kawai, wato kaɗan suka wuce rabi.

Ni zan sa madaukai uku na HA14 masu siffar U a kwance, biyu a sama ɗaya a ƙarƙashinsu, ƙafafu shida, 924 mm². Amma ka tabbatar da ƙarfen da aka sauke maka a fili, domin idan FeE400 ne, fyd ya koma 348, buƙatar ta haura zuwa 1012 mm², madaukan ukun ba su isa ba. Haka ma beto: buhu bakwai a mita kubik ba ya nufin an samu 25 MPa idan yashin gulbi ya zo da laka ko an cika ruwa. A ɗauki samfur a matse a kwana 28.

Inda konsol ya fi lalacewa shi ne mahaɗar sama, kuma sau da yawa yawan ƙarfen daidai yake, ɗaurinsa ne ba daidai ba. Iyakar matsi a can ita ce 0,85 × 15 = 12,8 MPa. Matashi mai 150 × 300 yana ba da 8,9 MPa, ya wadatar, kuma gefensa na waje zai tsaya a milimita 275 daga fuskar poto. To dole tiran ya wuce ƙarƙashin matashin gaba ɗaya kafin ya fara lanƙwasa, shi ya sa nake so konsol ya fito da 400, a bar wa madauki wuri. Na taɓa duba wata mangaza da aka lanƙwasa rodin sama zuwa ƙasa kamar na putur, aka kuma aza putur kai tsaye a bakin konsol ba matashi. Lanƙwasar HA16 ta bar kusurwar waje ba ƙarfe, sai tsaga ta tashi daga gefen putur ta fita ta fuskar konsol, ɓallen ya kai tafin hannu, ana hango bayan rodin a ciki ko gezau bai yi ba. Nauyin ya bi ta gabansa ya wuce. Madauki a kwance, ko gajeren rodi da aka yi wa walda a gicciye a bakin tiran, shi ke hana haka. Ɗaya ƙarshen kuma ya shiga poto har fuskar baya ya lanƙwasa ƙasa da cikakken tsawon kamu.

Biyel yana buɗewa a tsakiyarsa, yana neman tsagewa a tsawonsa. Tun da 200 bai kai rabin 500 ba, kadar ɗin da za su riƙe shi na kwance ne, rufaffu, masu zagaye poto, kuma ƙa'idar ta ce aƙalla 0,25 na ƙarfen tiran, wato 231 mm². Kadar uku na HA8 suna ba da 302. A jera su a kashi biyu cikin uku na sama na d. Kadar na tsaye da ka saba sawa a putur kusan ba sa yin komai a nan.

Tsagar da ke fara bayyana a sama, daidai inda konsol ya haɗu da poto, tana nuna tiran yana miƙewa, kuma idan tana ƙara buɗewa ƙarfe ya yi kaɗan ko kamunsa yana zamewa. Wadda ta bi layin biyel a karkace ta fi haɗari, domin konsol na iya faɗuwa ba tare da wani gargaɗi ba. Da ka gan ta a tokare putur nan take.

Idan kana da putur mai zurfi a ginin, wadda tsawonta bai kai tsayinta sau uku ba, hanyar ɗaya ce: biyel biyu sun sauka kan madogarai, tiran yana ƙasa, kuma jan da ke cikinsa ba ya raguwa zuwa gefe, don haka ba a yanke ko rodi ɗaya kafin madogara.

Ka zana biyel da tiran a kan zanen konsol da sikeli, ka rubuta girman matashi da tazararsa daga baki a takardar da za a ba masu aiki, sannan ka je da kanka ka duba madaukan kafin kafinta ya rufe katako.