Odita ya saka mana sharaɗi a rahoto, mu nemi wani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da kamfanin sarin shinkafa da man girki a Aboabo, Kumasi. Odita ya ba mu rahoto mai kan magana "kwalifaid", wai don bai halarci ƙirgar kayan sito ba ranar 31 ga Disamba. Na ɗauka yabo ne, sai banki suka dakatar da maganar rancenmu. Wani ya ce akwai mai buga mana hatimin rahoto mai tsabta a Adum. In je? Hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, kuma kada ki je.

Sunan ne ya ruɗe ki. A aikinmu "ankwalifaid" shi ne mai tsabta, wato odita ya gamsu ba tare da wani sharaɗi ba. "Kwalifaid" kuwa cewa yake: lissafin daidai ne, in ban da abu kaza. Abu biyu odita ke dubawa kafin ya zaɓa. Kuskure ya gani da idonsa, ko kuwa hujja ce ya nema bai samu ba? Sannan matsalar a lungu ɗaya ta tsaya, ko ta game lissafin duka?

Mu ƙaddara dukiyar kamfaninku sidi miliyan 4 ce, kayan sito a ciki na sidi 600,000. Kuɗi ne mai nauyi, domin duk kuskuren da ke cikinsa kai tsaye yake shiga riba. Amma odita ya tabbatar da kuɗin banki, da motoci, da basussuka, sito kaɗai ya gagare shi. Shi ya sa ya tsaya a sharaɗi. Da a ce kayan siton na miliyan 3 ne cikin 4, ga takardun shige da fice sun ɓace, da sai ya ce ba zai faɗi ra'ayi ba sam, wanda ake kira "disklema". Wasu na murna da shi wai ai ba a kama su da laifi ba, alhali banki na karanta shi a matsayin kamfanin da ba a iya ganin cikinsa. Ra'ayin "adbas" kuma na wanda aka ga hujja ƙarara ne cewa lissafin ya kauce ta ko'ina, misali rabin cinikin da aka rubuta ba a yi shi ba, masu kamfani kuma suka ƙi gyarawa.

Yanzu ga maganar da ke ƙona mini rai. Kusan kullum sai wani ya shigo ofishina yana zaton ra'ayin odita kamar farashin kaya ne a Kejetia, in wannan ya ƙi sallamawa sai a matsa rumfar gaba. Har a ce da ni, "Malam, a taimaka a cire sakin layin nan mana." Da me zan cire shi? Buhunan da ban gani ba, hatimina ba zai ƙirga su ba. Mai hatimin nan da aka yi miki talla, in ba shi da lasisin aiki daga ICAG, cibiyar ƙwararrun akantoci ta Ghana, takardarsa ba rahoton odita ba ce, kuma banki na iya bincikawa. In ma yana da shi, ƙa'idar sana'a ta ce ya tuntuɓi wanda ya gabace shi kafin ya karɓi aikin, a nan zance zai fito. Ki kuma tuna bankin nan sun riga sun karanta rahoton farko. Ki koma musu da wani mai tsabta a kan shekara ɗaya, lissafi ɗaya, me kike so su ɗauka? A ƙarƙashin Dokar Kamfanoni ta 2019, alhakin lissafin yana wuyan daraktoci, wato ke da abokan haɗinki. Shi mai hatimi ya karɓi kuɗinsa ya kashe waya. Daga matsalar rashin ƙirga kin koma matsalar yaudarar banki, wadda ba a wanke ta da rasit. Mu ji tsoron Allah, rance da takardar ƙarya cin dukiyar mutane ne ko da an biya daga baya.

Abin yi shi ne ki koma wurin oditanku ki tambaye shi ko zai yarda a ƙirga kayan yanzu a gabansa, sannan a bi baya: a cire abin da ya shigo tun 1 ga Janairu, a mayar da abin da ya fita, da takardun dakon kaya da rasitai, har a isa adadin ranar rufe shekara. Wannan na yiwuwa ne kawai in littafin sitonku cikakke ne. In yaran sito da baki suke fitar da buhu, ba zai yiwu ba.

Ki gaggauta, domin kayan da kuka rufe shekara da su su ne za ku buɗe sabuwa da su, sharaɗin na iya bin ku har cikin ribar shekara mai zuwa. Kafin nan ki kai wa manajan banki sakin layin da odita ya bayyana dalilinsa, tare da wasiƙar da ke nuna ranar da aka tsayar don ƙirga ta gaba da sunan wanda zai halarta daga ofishin odita.