Me zan tambayi mai mota kafin in tafi ganinta?

"Na ga Peugeot 406 ta sayarwa a Kano, ni kuma ina Sakkwato. Wane saƙo zan tura wa mai ita kafin in kama hanya?"

Ɗan'uwa, rubuta masa haka: "Alhaji, yaushe aka yi juyen baƙin mai na ƙarshe, kuma a kilomita nawa? An taɓa sauke injin ko buɗe kansa? Ta taɓa tafasa? Yaushe aka canza taimin bel, wane bakanike ya canza? Don Allah a turo min hoton lambar shasi da takardar kwastan, da bidiyon tashinta da sassafe kafin injin ya ɗau zafi."

Amsar taimin bel ɗin, wato bel ɗin da ke daidaita buɗewa da rufewar bawul a cikin injin, ta fi muhimmanci, domin a 406 in ya tsinke ana cikin tafiya, bawul ne ke lanƙwashewa, sai an buɗe injin. In ya ce bai sani ba, ba lallai ƙarya yake ba, wataƙila dillali ne. Cire kuɗin sabon bel da famfon ruwa daga farashin. Amma in ya ƙi turo bidiyon, ko ka ga farin hayaƙi mai kauri da bai yankewa, kada ka ɓata kuɗin motar zuwa Kano.